Inda na kai da lissafin ΔH in zafi ya canza

Salam 'yan uwa masu koyon kemistiri a gida irina. Kwanakin nan na tsaya ne a kan abu ɗaya, wato yadda ake ɗauko ΔH, canjin entalfi kenan ko zafin da riyakshan ke fitarwa ko sha, daga 298 K a kai shi wani zafi daban. Duk teburin da ke bayan littafi 298 K yake baka, digiri 25 kenan, alhali a masana'anta ba kowa ke aiki a wannan zafin ba. Misalin da na ɗauka shine haɗa amoniya, wadda da ita ake yin takin zamani irin su yuriya, kuma ana haɗa ta ne a wajen digiri 400 zuwa 500.

```
N2(g) + 3H2(g) → 2NH3(g)    ΔH(298 K) = -92.2 kJ
```

Ƙa'idar sunanta dokar Kirchhoff, Bajamushe ne, a 1858 ya fito da ita. Amma ni shawarata kar ku fara da haddace fomula, ku fara da zagaye. A ce muna son ΔH a 400 K. Entalfi bai damu da hanyar da ka bi ba, inda ka tashi da inda ka sauka kawai ya sani, to sai mu bi ta inda muke da lambobi. Mu sanyaya naitirojin da haidurojin daga 400 su sauko 298, mu bari su haɗu a nan inda muka san amsar, sannan mu sake ɗumama amoniyar ta koma 400. Taku uku kenan, ka haɗa su ka gama.

Abin da ake buƙata shine Cp na kowane gas, wato yawan zafin da mol ɗaya yake sha kafin ya hau da digiri ɗaya. A 298 K ga su:

```
Cp (J/mol·K):  N2 = 29.12   H2 = 28.82   NH3 = 35.06
```

Ɓangaren hagu akwai naitirojin ɗaya da haidurojin uku, 29.12 a tara da 28.82 sau uku, ya bada 115.58. Tazarar zafin 102 ce, daga 298 zuwa 400. To sanyaya su zai fitar da 115.58 sau 102, wajen kilojul 11.79. Riyakshan ɗin kansa ya fitar da 92.2. Sai amoniya mol biyu, 70.12 kenan, ɗumama ta zai cinye 70.12 sau 102, wajen kilojul 7.15. Biyu sun fita ɗaya ya shiga: -11.79 da -92.2 da +7.15, amsa -96.8 kJ.

Da na yi shi a haka sai na ga ashe fomular ba komai bace illa wannan zagayen da aka dunƙule:

```
ΔH(T2) = ΔH(T1) + ΔCp × (T2 - T1)
ΔCp = 70.12 - 115.58 = -45.46 J/K
```

-45.46 sau 102 ya bada jul -4637, wato -4.6 kJ, ka ɗora a kan -92.2 ka samu -96.8 ɗin dai. Kuma tun kafin ka taɓa kalkuleta zaka iya sanin inda amsar zata nufa, mol huɗu na gas sun koma biyu, kayan da suka shiga sun fi wanda ya fito shan zafi, dan haka ΔCp negatib ce, in zafi ya hau riyakshan ɗin ƙara fitar da zafi zai yi. In ka samu -87.6 to ka juya alama a wani waje, galibi an cire dama daga hagu ne maimakon hagu daga dama.

Wajen da nake ganin mutane na zamewa shine jul da kilojul. Cp da jul take zuwa, ΔH kuma da kilojul, wanda ya haɗa su kai tsaye zai ga amsa wajen -4729, kuma wallahi ya kamata lambar nan ta tsayar da mutum, ƙarin digiri ɗari ba zai ninka zafin riyakshan sau hamsin ba. Gyaran ƙarami ne kusan kullum in aka kwatanta da asalin ΔH. Sai kuma mantawa da 3 da 2 ɗin nan na gaban H2 da NH3, wannan ya fi haɗari dan amsar zata fito kamar mai hankali, ba abin da zai nuna maka sai ka koma ka duba. Haka -92.2 na mol biyu ne na amoniya, wani teburin -46.1 zai baka na mol ɗaya, dole Cp ɗinka su bi ikweshan ɗin da ka rubuta.

To yanzu ga abin da ya fi ɗaukar min hankali. Na ce bari in tura shi zuwa 700 K, wajen digiri 427, zafin da ake aikin da gaske. Tazara 402, sau -45.46 ya bada -18.3 kJ, amsa -110.5. Lissafin ba kuskure a cikinsa amma amsar ta zarce, ainihin lambar tana wajen -105 zuwa -106 ne. Dalili kuwa mun ɗauka Cp tana tsaye a inda take a 298, ita kuma ba haka take ba. Naitirojin da haidurojin kusan basa motsi, a 700 K suna wajen 30.8 da 29.4. Amoniya ce ke tashi sosai, daga 35 zuwa wajen 48.3, saboda atom huɗu gareta, hanyoyin da zata girgiza suna da yawa kuma da zafi ya hau sai su fara buɗewa suna shan nasu rabon. In ka sake lissafa ΔCp da lambobin 700 K zaka samu wajen -22, rabin na farko fa. Wato mun yi ta caji da tsohon farashi har ƙarshen hanya.

Gyaran da na yi mai sauƙi ne, na ɗauki tsakiyar -45.5 da -22.4, wajen -34, sau 402 ya bada -13.6, amsa -105.8. Wannan ya yi aiki ne dan Cp ɗin tana hawa kusan a miƙe a wannan tsakanin. Hanyar da ta fi inganci ita ce teburin da ke bada Cp = a + bT + c/T², sai ka fidda Δa da Δb da Δc kamar yadda aka fidda ΔCp ka yi integireshan:

```
ΔH(T2) = ΔH(T1) + Δa(T2 - T1) + (Δb/2)(T2² - T1²) - Δc(1/T2 - 1/T1)
```

Na gwada ta ta bani wajen -106. A nan dole sai Kelbin, in tazara ce kawai digiri ma ya wadatar tunda bambancin ɗaya ne, amma da T² ya shigo digiri zai ɓata komai. Ra'ayina in tazarar bata wuce ɗari ba a bar Cp a tsaye, abin da zaka rasa bai kai rabin kilojul ba a wannan misalin, in ta kai ɗari uku ko huɗu kuwa kar a yarda da ita.

Abu na gaba da zan kama shine ƙona haidurojin ya bada ruwa, daga 298 zuwa 400 K. A nan fomular ita kaɗai bata isa ba dan ruwan zai tafasa a 373 K, dole a raba tafiyar biyu, Cp na ruwa 75.3 har zuwa 373, a saka 40.7 kJ na komawa tururi ga kowane mol, sannan a ƙarasa da Cp na tururi wajen 33.6. Wanda ya riga ni yi ya ajiye amsarsa mu gwada in na gama nawa in sha Allah.