Kafin ki biya kuɗin atamfar da a hoto kika gan ta

Ƙannena, yawancinmu yanzu a waya muke zaɓen atamfa. Mai kaya a Kantin Kwari ko maƙwabciya mai sarin kaya za ta turo hotuna, ki nuna wadda ta kwanta miki, ki tura kuɗi. Abin da ya sha ja mini asara shi ne kallon launi kawai, alhali hoton yana ɗauke da abubuwa biyu da suka fi launi muhimmanci wajen ɗinki: inda zanen ya fuskanta, da kuma girmansa.

Fara da neman bakin atamfar, wato gefen nan da ake buga sunan kamfani. Galibi a ninke ake ɗaukar hoton, sai ki ga fure ɗaya ko rabinsa, babu baki. Ki roƙi mai kayan ta warware yadi biyu ta shimfiɗa, ta ɗauka daga sama yadda baki biyun za su fito. Turmi yadi 6 ne, kowane yadi inci 36, faɗin kuma daga baki zuwa baki wajen inci 46. Wannan faɗin shi ne ma'auninki. Idan kin ƙirga fure uku daga wannan baki zuwa wancan, kowane fure ya kai inci 15 ke nan, kusan faɗin ƙirjin mace. A waya kuwa ɗan ƙarami zai yi miki.

Sai batun fuskanta, kuma a nan na fi yin kuskure. Atamfa da yawa an tsara su ne don ɗaurin zani: baki ɗaya a ƙugu, ɗaya a idon sawu, a haka zanen yake tsaye. Na taɓa sayen wata mai zanen tsuntsaye da niyyar doguwar riga marar yanka a ƙugu. Tsawona daga kafaɗa zuwa ƙasa inci 57 ne, faɗin atamfar bai kai ba, don haka dole tela ta yanka bisa tsawon turmin. Da rigar ta fito, tsuntsayen duka a kwance suke. Laifin ba na tela ba ne, ta ma faɗa mini tun kafin ta sa almakashi, ni ce na nace. Zane mai sama da ƙasa, kamar tsuntsu, bishiya ko fitila, riga da zani yake so, ko riga da siket, ko doguwar riga mai yanka a ƙugu, tunda daga ƙugu zuwa ƙasa inci 41 ko 42 zai shiga cikin faɗin. Zanen da ko ta ina aka juya shi ɗaya ne, shi ne na bubu da doguwar riga miƙaƙƙiya.

Ga yadda lissafin yake. A ce kin sami zanen da ba ruwansa da juyi, kuma da aka ɗora tef a kan atamfar aka ɗauki hoton kin ga furen yana maimaituwa duk bayan inci 18. Gaban riga inci 57 ne, a ƙara 3 na kalmasa da ɗinki, ya zama 60. Baya ma haka. Jimla 120, wato yadi 3 da inci 12. Amma idan kina son furen gaba da na baya su haɗu daidai a gefe, dole kowane ɓangare ya fara daga wuri ɗaya a zanen. Maimaici uku inci 54 ne, bai isa ba, sai huɗu, inci 72. Biyunsu 144, yadi 4 cif. Saura yadi 2, daga ciki za a fitar da hannu da ɗankwali. Turmi ya isa, amma babu rarar da za ki ce a yi wa ƙaramar yarinya riga, kuma idan faffaɗan hannu kike so, ɗankwalin ne zai ƙanƙance.

Siket mai fis shida da irin wannan babban fure ba na ba ki shawara. Kowane fis siriri ne a sama, zai raba furen gida biyu. Idan kuma zanen mai fuskanta ne, tela ba za ta iya juya fis ɗaya kai a ƙasa don tattalin yadi ba, sai ya ci fiye da yadda kika zata. Ƙananan zane ne suka dace da shi.

Launi kam kada ki amince da hoton cikin shago, fitila tana sauya shi. A fito da ita waje cikin inuwa a sake ɗauka, a naɗo gefe ɗaya ki ga bayanta, domin wadda bayanta ya koɗe za ta nuna a bakin hannu da ɗankwali. Sannan ki tura wa telarki hoton shimfiɗaɗɗen tare da awonki tun kafin ki biya, ta gaya miki ko turmi ɗaya zai fitar da ɗinkin.