Ranar da na shaida wa 'yan aji uku rasuwar 'yar ajinsu

Ina koyar da aji uku a wata firamare a gefen Tudun Wada, Kaduna, yara 'yan shekara takwas zuwa tara. Yarinyar da muka rasa mai sikila ce. Ciwon ya tashi mata a ƙarshen mako, ta cika ranar Lahadi da asuba, kafin azahar an kai ta makwancinta. Ke nan Litinin da safe yaran unguwarsu sun ji, saura ba su ji ba, kuma kowa da irin labarin da ya zo da shi.

Tun daren Lahadi hedimasta ya kira baffan yarinyar. Ya tabbatar da rasuwar daga bakin dangi, ya kuma tambaya ko sun yarda a ambaci ciwon ga yara, domin akwai gidajen da ba sa so a san suna da sikila. Suka yarda. Na roƙi kada a sanar a wurin asambili sai 'yan ajinta sun fara ji daga bakina. Yaron da yake zama benci ɗaya da mutum bai kamata ya ji mutuwarsa a tsaye cikin layi, tsakanin taken ƙasa da duba farce ba.

Na shiga aji kafin a kira rajista, na jawo kujera na zauna a gabansu, wata malama ta tsaya a bakin ƙofa saboda wanda zai buƙaci fita. Na ce: "Yara, ina da labari mara daɗi. Kun san 'yar'uwarku ba ta da lafiya. Jiya da asuba Allah ya yi mata rasuwa. Ta mutu, an binne ta, ba za ta sake dawowa makaranta ba." Da gangan na furta "ta mutu". Mu manya mun saba da "ta riga mu gidan gaskiya" ko "rai ya yi halinsa", amma yaro ɗan takwas yana iya ɗaukar magana yadda ta fito. In ka ce ta yi tafiya, zai jira ta. In ka ce ta yi barci, wani ya dinga tsoron kwanciya da dare.

Daga nan na yi shiru. Wasu suka fara salati, wasu suka fashe da kuka, wani yaro a baya ya yi dariya sannan ya rufe baki. Ban tsawata masa ba, ruɗewa ce. Tambayoyi suka biyo: ta ji zafi? Mu ma za mu kamu? Na ce sikila da ita ake haihuwar mutum, daga uba da uwa ake gado, ba a ɗauka ta cin abinci tare ko zama kusa. Na ƙara da cewa masu sikila da yawa suna girma har su yi aure su haihu, don na san akwai wani mai ita a ajin, yana zaune yana kallona. Abin da ban sani ba na ce ban sani ba. Musulmi suka yi mata addu'a, Kiristocinmu biyu suka yi tasu.

Duk wannan na shirya masa. Abin da ya zo min ba zato shi ne yarinyar da suke zama benci ɗaya da marigayiyar.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi tambaya ba. Ta buɗe littafi ta ci gaba da kwafar aikin allo. Da aka fita tara ba ta taɓa abincinta ba. Washegari ma haka. Sai ga mahaifiyarta ta zo, ta ce, "Malama, yarinyar nan ba ta barci, har fitsarin kwance ta koma yi, abin da ta bari tun tana 'yar huɗu." Na zaunar da yarinyar ita kaɗai bayan an tashi, na ba ta fensir da takarda, ban matsa mata ba. Can ta ce, ba ta ɗago kai ba: "Malama, ni na kashe ta." Ashe ranar Juma'a sun yi faɗa a kan abin fiƙe fensir, ta ce mata "ki mutu mana". Kwana biyu ta mutu.

Na riga na faɗa wa aji cewa ciwo ne. Ita ma ta ji. Amma a wannan shekarun yaro yana iya riƙe abu biyu a kansa: ciwo ne, kuma bakina ne ya kira shi. Ga shi kuma mun taso su a kan cewa baki yana kama mutum. Don haka faɗin dalilin mutuwa kawai bai isa ba. Sai malami ya furta ɗayan ɓarin da bakinsa, a gaban kowa, ko ba wanda ya tambaya: babu wanda faɗansa, ko zaginsa, ko abin da ya raya a zuci ya jawo wannan. Mai wannan damuwar ba zai taɓa ɗaga hannu ya tambaya ba.

Abin da har yau yake ɓata min rai shi ne dalilin da ya hana ta kuka. Wani babba a makarantar, da kyakkyawar niyya, ya ce wa yara a bakin ƙofa su yi shiru, hawaye suna ƙona mamaci. Ka duba nauyin da aka ɗora wa yarinyar da take ganin ita ta yi kisa: in ta yi kuka ma ta ƙara cutar da ƙawarta. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar saɓo. Wannan na gaya mata. Na ce, "Faɗan da kuka yi irin na ƙawaye ne. Tun kafin ki san ta take da ciwon nan. Maganarki ba ta isa ta taɓa jininta ba, kuma ajali na Allah ne." Ta kifa kai a cinyata ta yi kuka har zanina ya jiƙe. Wallahi ban taɓa jin sanyi da kukan yaro irin na ranar ba.

Da safe na maimaita maganar ga aji duka, ban ambaci sunan kowa ba. Hannu biyu suka tashi. Ɗaya ya taɓa hana ta shiga wasa, ɗaya ta ci bashinta na naira hamsin ba ta biya ba. Su ma suna ɗauke da nasu a ɓoye.

Sauran abubuwan sun tafi daidai. Ban bari an cike gurbinta a benci nan take ba, sai da na tambayi abokiyar zaman nata, ta ce tana so ta koma gaba, na mayar da ita. Wajen rajista na gaya musu tun da wuri cewa zan tsallake sunan, don kada shirun ya zo musu kwatsam. Muka koma darasi a ranar, mai sauƙi, domin yara suna samun natsuwa in sun ga tara da tashi suna nan a lokacinsu. Littattafanta na haɗa na kai gida da muka je gaisuwa, ni da hedimasta da monita.

Ga duk malamin da wannan rana za ta same shi: bayan ka faɗa, mai kuka yana da sauƙi, kowa zai rarrashe shi. Sa ido a kan na kusa da mamacin da ya yi tsit, da wanda suka yi faɗa kwanan nan, da mai irin ciwon, da wanda aka yi masa rasuwa a gida ba da daɗewa ba. Ka tambayi iyaye labarin barci da cin abinci. In mako biyu zuwa uku suka wuce yaro bai fara dawowa daidai ba, ko ya ƙi zuwa makaranta, ko ya fara cewa yana so ya bi ta, ka kira iyaye a kai shi asibiti ya ga likita. Wannan na ƙarshe ba a jira da shi ko kwana ɗaya.