Hoton sama daga gonar Yaya Sani

Laraba. Ba wuta tun asuba, koko da ƙosai, na wuce shago, kasuwa dai sai a hankali.

Bayan la'asar Yaya Sani ya turo hoton sama a WhatsApp ɗin gida, hadari baƙi ƙirin ya haɗo ta bayan kukar nan ta bakin gonarsa, wai mu duba masa ko gobe za a yi ruwa, yana so ya zuba wa masara yuriya. Nan take Kawu Isa ya ce ai gobe kamar da bakin ƙwarya, a fasa kawai. Ni kuwa na kira shi na ce Yaya, ina ka fuskanta da ka ɗauka, gabas ko yamma? Ya ce yamma mana, ta nan ya fi haɗuwa. To ai mu nan Kano hadarin damina daga gabas yake tasowa ya nausa yamma, wanda ka hango a yamma galibi ya riga ya wuce ka, na mutanen Gusau ne.

Kuma ko a gabas ɗin ne, babban hadari yana gudun wajen kilomita 50 a awa, wanda idonka ya hango cikin awa biyu uku ya iso ko ya watse a hanya. Wanda zai zubo gobe da yamma fa? Kwana guda da wannan gudun ya haura kilomita 1,000, ka ga yanzu yana can cikin Chadi, ko ma bai haɗu ba sam, sai rana ta gasa ƙasa gobe sannan ya taso. Ta ina wayarka za ta kamo shi? Hoto ba ya nuna inda iska ta dosa, ba ya nuna zufar nan mai danƙo da ake ji kafin ruwa, wayar ma kanta ƙara wa gajimare duhu take yi. Da lokacin hunturu ne sai in ce gobe hazo kamar yau, kuma da wuya in kuskure, amma damina ba haka take ba.

Ya yi shiru, ya ce to ƙanwata me zan yi. Na ce ya duba hasashen kwana uku na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, gobe da hantsi ya kalli gabas da idonsa, in ƙasa da danshi ya tona gefen kowace shuka ya binne takin, kar ya watsa a sama. Sauran kuma Allah ne masani.

Wallahi muryarsa ce ta dame ni har yanzu. Bashi ya ci ya sayi buhun nan, ruwa mai ƙarfi ɗaya zai iya wanke shi ya tafi da shi kwari, ga mutane kowa na yanke masa hukunci daga kan kujera a kan hoto ɗaya. Kawu ma ya ji haushina, bai amsa gaisuwata ta dare ba.

Tarin Ummi ya yi sauƙi. Gobe in Allah ya kai mu zan kira Yaya kafin ya fita gona.