Daƙiƙa talatin a gaban tandar masa: yadda muke rubuta tsarin bidiyon mai abinci

Aikinmu shi ne ɗaukar gajerun bidiyoyin talla ga masu sayar da abinci, irin waɗanda ake sawa a WhatsApp da Instagram da TikTok. Yawancin masu kiranmu sukan ɗauka aikin yana farawa ne lokacin da aka ɗaga waya. A gaskiya a takarda yake farawa, kwana ɗaya kafin ɗauka, saboda abinci ba ya jiran mai kyamara. Masa idan ta bar tanda, cikin minti ɗaya ko biyu tiririnta ya tafi, bayanta ya fara laushi. Wanda ya zo bai san abin da zai ɗauka ba, a tunani zai cinye wannan lokacin.

Gida uku muke raba takardar: abin da ido zai gani, abin da kunne zai ji, da abin da baki zai faɗa. A gefe kuma a rubuta daƙiƙoƙin kowane ɗauka. Ƙa'idar da muka fi riƙewa ita ce kada baki ya maimaita abin da ido ya riga ya gani. Idan hoto yana nuna masa ta yi ja tana sheƙi, ɓata lokaci ne murya ta ce ga masa mai kyau. Aikin murya shi ne faɗin abin da kyamara ba ta iya nunawa: yaushe aka kwaɓa ƙullun, da wane mai aka soya, ina ake samu, ƙarfe nawa.

Bari mu ɗauki mai masa da miyar taushe da ke suya da safe a ƙofar gida, mu bi tsarin daga farko.

Daƙiƙa ukun farko babu magana ko kaɗan. Kyamara tana kusa da gurbi ɗaya na tanda, mai ya yi zafi, ludayi ya shigo ya zuba ƙullu, gefen ya fara tafasa. Kunne kuma yana jin wannan cuuu ɗin da ƙullu ke yi idan ya haɗu da mai. Masu sana'a da yawa suna son a buɗe da sallama da sunan wurinsu, mu kuwa mukan roƙe su su bar shi zuwa ƙarshe. Mai kallo yatsansa na kan waya, kafin a gama sallama ya wuce gaba. Ƙarar suya ce ke tsayar da shi.

Daga daƙiƙa ta uku zuwa ta takwas sai a ja baya kaɗan, a ga tandar duka, gurabe sun cika, saman ƙullun yana huhhujewa. A nan murya ke shigowa: "Tun jiya da daddare aka kwaɓa ƙullun nan, ya kwana ya tashi." Kalma goma sha biyu ke nan, kuma sun cika daƙiƙa biyar ɗin. Mutum idan yana magana a natse, wajen kalma biyu zuwa biyu da rabi yake yi a daƙiƙa. Saboda haka bidiyo na daƙiƙa talatin, idan aka bar wa sautin girki kasonsa, kalma arba'in zuwa hamsin kawai zai ɗauka. Duk rubutun da ya wuce haka, ko dai mai magana ta riƙa sauri kamar mai karanta sanarwa, ko murya ta danne ƙarar suyar. Hanyar gwadawa ita ce a karanta da baki ana kallon agogo tun a gida.

Sai juyi, daga takwas zuwa goma sha uku. Cokali ya shiga gefen masa, ya kewaya, ya kifa ta, jan bayanta ya bayyana. Wannan muke ɗauka da 60 fps, wato hoto sittin a kowace daƙiƙa, domin a rage masa gudu da rabi wajen tacewa. Magana ɗaya tak: "Da man gyaɗa ake soyawa." Idan ba da man gyaɗa take suya ba, ba za a rubuta haka ba, sai a faɗi abin da yake gaskiya.

Ɗaukan da ya fi kowanne sayar da masa shi ne na huɗu, kuma shi ya fi wahala. Hannu biyu su riƙe masa mai zafi su raba ta a hankali, a ga cikinta fari mai ramuka, tiriri na tashi. Matsalar ita ce tiriri ba ya fitowa a bidiyo sai an cika sharaɗi biyu: haske ya zo ta bayan abincin ko ta gefensa, kuma abin da ke bayan tiririn ya zama mai duhu. Idan rana tana bayan mai ɗauka, bangon kuma fari ne, masar za ta fito kamar ta kwana ko da yanzu aka kwashe ta. Shi ya sa muke juya teburi ya zama rana tana fuskantar kyamara daga gefe, mu rataya baƙin yadi ko mu nemi ƙofar zaure mai duhu a baya. Sassafe ya fi, musamman da hunturu, domin tiriri ya fi kauri a iska mai sanyi. A takarda mukan rubuta cewa a tanadi masa biyar ko shida don wannan ɗaukan kaɗai, ana kwashe ɗaya ana rabawa nan take, domin ba kowacce ke rabuwa da kyau ba. Daƙiƙa biyun farko shiru, sannan murya ta ce: "Sai kun zo ake zuba taku a tanda." Muna amfani da "ku" ne saboda talla ce ga kowa, babba da yaro, mace da namiji.

Miya tana samun daƙiƙa biyar. Ludayi ya ɗebo daga ƙasan tukunya domin kabewa da ganye da nama su fito, ya kwarara a kan masa uku a faranti. Miyar taushe idan ta huce takan yi fata a sama, manjanta ya taru gefe, don haka tana kan wuta har lokacin da za a ɗebe ta. Murya: "Miyar taushe ce ta yau, da kabewa da gyaɗa." Daƙiƙa shida na ƙarshe kuma na mai sana'a ne, ta miƙa kwano, ta faɗi unguwa da alamar da za a gane wurin da lokacin da take farawa. Idan ba ta son fuskarta ta fito, hannunta da muryarta sun wadatar. Haka ma masu saye da ke tsaye a layi, ba a ɗaukar fuskar kowa sai da yardarsa.

Farashi da lambar waya ba ma sa su a murya, a rubuce muke ɗora su a kan hoto. Farashin shinkafa da mai yana sauyawa, kuma rubutu a manhajar tace bidiyo ta CapCut cikin minti biyu ake gyara shi, murya kuwa sai an sake ɗauka. Rubutun ya zauna a tsakiyar allo, domin a TikTok da Instagram ƙasan allo da gefen dama maɓallai ne ke rufe su. Muna kuma rubuta maganganun a taƙaice a kan hoton, tunda mutane da yawa suna kallo ne a kashe da sauti, a ofis ko a cikin mota.

Batun kusanci yana da nasa tarko. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta kama abu da kyau idan ya matso ƙasa da kamar santimita 10, ga kuma mai yana fallatsa a gilashinta, tiriri yana rufe shi da hazo. Alamar ita ce hoto ya yi dishi-dishi, haske ya riƙa jan layi. Maganinsa a tsaya nesa da kamar kamu biyu a danna 2x, a kuma goge gilashin kafin kowane ɗauka. Sannan a danna wurin masar a riƙe har wayar ta kulle gani da haske, a iPhone za a ga ta rubuta AE/AF LOCK. In ba haka ba, duk lokacin da hannu ya gitta sai hoton ya yi ta neman inda zai tsaya. A rage hasken kaɗan da yatsa, saboda cikin masa fari ne, idan haske ya yi yawa ramukan nan da muke son nunawa sai su shafe. Wayar a tsaye take, 9:16, kuma 1080p ya isa, tunda WhatsApp zai matse bidiyon ko da an ɗauka da abin da ya fi haka. Wanda kuma aikin dare ya kama shi ƙarƙashin ƙwan lantarki, idan ya ga hoto yana ƙyaftawa, wutarmu mai 50 Hz ce ba ta jitu da 30 ko 60 fps ba, sai ya koma 25 ko 50 idan wayarsa tana da su.

Sauti daban muke ɗaukarsa, kuma nan ne masu koyo suka fi yin sakaci. Daga kamu biyu wayar za ta kwashi janaretan maƙwabta da A Daidaita Sahu fiye da yadda za ta kwashi suya. Ɗaukan da aka rage wa gudu kuwa sautinsa ya lalace gaba ɗaya. Don haka bayan an gama hotuna sai mu kawo waya ta biyu ko ƙaramin makirufo kusa da tanda, daga gefe inda mai ba zai same shi ba, mu ɗauki daƙiƙa ashirin na zuba ƙullu, ashirin na kankarar cokali, ashirin na kwararar miya. Muryar mai sana'a kuma a cikin ɗaki mai labule da katifa, domin kada ta yi amsa-kuwwa. Wajen haɗawa, cuuu ɗin dole ya faɗo daidai lokacin da ƙullu ya taɓa mai. Ko ɗan jinkiri kaɗan kunne zai gane. Kiɗa ba dole ba ne, kuma waƙar wani da ba a nemi izini ba tana iya sa a kashe wa bidiyon sauti.

Akwai abubuwan da muke faɗa wa mai masa tun ana gobe. Ta yanke farce, ta goge bakin tanda, ta ware faranti mara zane, domin kusanci yana nuna duk abin da ido ke tsallakewa, har ƙudan da ya sauka gefen kwano. Ba ma ɗaukar zubin farko, tanda ba ta gama ɗaukar zafi ba, masar kan manne ko ta fito fari fat. Daga zubi na biyu ko na uku launi ke daidaita.

Abin da muke ƙin yi ko an roƙe mu shi ne ƙara wa hoto kala har manja ya koma ja wur, ko cika faranti da naman da ba a ba mai saye. Masu kallon bidiyon mai masa 'yan unguwarta ne, gobe da safe za su aiko yaro da kwano. Girman masar da ke cikin bidiyo da yawan miyar su ne za a zuba masa, shi ya sa a takarda muke rubuta adadin masa da ludayin miya na faranti ɗaya kamar yadda take sayarwa, mu sa ta duba ta amince kafin a kunna wuta.