Godiya bayan ambaliya, musamman ga wanda ya gyara mini takardar inshora

Alhamdu lillahi, kamfanin inshora ya biya ni. Tun ranar Talata 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya cinye mana shaguna a Maiduguri, sai yanzu na samu natsuwar yin godiya.

Maƙwabtana da suka shiga taɓo har gwiwa muka fid da abin da ya fitu, Allah Ya saka muku. Dilana da ya buɗe littafinsa ya sake rubuta mini rasit bayan nawa sun zama kunu, na gode, Alhaji.

Sai ɗan yayata. Takardar da na fara rubutawa layi uku ce: ruwa ya shiga, komai ya lalace, a taimaka. Ya karanta ya ce, "Kawu, ba a biyan 'komai'. Buhu nawa?"

Ya fara duba takardar yarjejeniya ko akwai ambaliya a ciki, don inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ɓarnar ruwa sai an ƙara ta. Tawa akwai. Sannan muka zauna. Lambar yarjejeniya a sama. Ranar da ruwa ya shiga, ranar da na sanar da su ta waya, 11 ga wata, da ranar da na iya buɗe shagon, 16 ga wata, har da dalilin jinkirin: hanya ba ta biyuwa. Alamar ruwa a bango muka auna, ta kai ƙirjina, muka ɗauki hotonta. Kaya kuwa ɗaya bayan ɗaya: shinkafa buhu 40, fulawa 30, sukari 25 da ya narke ya bar buhunan wayam, kowanne da kuɗin da na saro shi, ban da riba. Har katan-katan na gwangwanin tumatir da suka tsira a saman kanta muka rubuta, da yadda muka kwashe su zuwa gida. Na so a yi shiru da wannan, ya ƙi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne barin ruɓaɓɓiyar fulawa tana wari har mai tantance asara ya zo ya ƙirga da idonsa. Da na zubar, da ba ni da hujja.

Ba duka aka biya ba, kuma laifina ne. Kayan shagon sun kai naira miliyan 10, ni kuwa na miliyan 6 na yi wa inshora tun kafin kaya su yi tsada, ban sabunta ba. Sai aka lissafa mini kashi 60 cikin 100 na asarar miliyan 8, ya zama miliyan 4 da dubu 800, aka kuma cire ɗan kason da yarjejeniya ta ɗora wa mai shago. Ran nan ban ci tuwon dare ba.

Da kuɗin da aka biya ni na sake zuba kaya, kuma yanzu buhu ba ya kwana a ƙasa, sai kan katako. Masu tambaya, shago a buɗe yake. Waɗanda suka rasa 'yan uwa a ruwan nan, Allah Ya jiƙan su, Ya ba ku haƙuri.