Yadda Muke Tsayar da Atamfar Anko Daga Hotunan Waya

Sana'ata sayar da atamfa da haɗa anko, a wani gari da ke ƙasar Ringim. Shagona ɗan ƙarami ne a ƙofar gida, da keken ɗinki biyu da 'yan mata masu koyo. Kayana daga Kantin Kwari nake sarowa, amma ba kowane biki ne zai sa in hau mota in tafi Kano ba, balle in ɗebi uwar amarya da ƙawaye mu je mu yi ta zagaya layuka. Yawancin ankon da nake haɗawa yanzu a waya ake fara zaɓensa. Mai shagon da nake hulɗa da shi zai turo hotuna ta WhatsApp, mu zauna da masu biki mu duba. Wahalar aikin ita ce hoto biyar da aka ɗauka a wuri biyar ba sa gwaduwa da juna, sai an fara daidaita su.

Bari in kawo misalin wani biki da na haɗa wa anko a watan sanyi, lokacin da hazo ya sauka sosai. Uwar amarya ta ƙirga mutanenta, manyan mata talatin da shida da yara mata goma sha biyu. Turmin atamfa yadi shida ne, yana isar babbar mace riga da zane da ɗankwali, yara biyu kuwa sukan raba turmi guda. Lissafi ya tsaya a turmi arba'in da biyu, na ce a ƙara uku saboda waɗanda za su tuna da anko ana jibi biki. Alhajin Kwari ya turo hoto biyar, ƙawayen amarya kuma nan take suka rabu gida uku, kowace tana nuna nata a wayarta.

Na ce musu kada kowa ya zaɓa tukuna, domin hotunan ba su cika ba. Guda biyu an ɗauke su a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, wanda yake sa fari ya koma ruwan madara, shuɗi ya dushe. Ɗaya an ɗauke shi da filasha a cikin ledarsa, sai ƙyallin leda ya ci rabin zanen. Sauran biyun an matso da waya ƙwarai, har ba a sanin ko furen da ke jiki girman tafin hannu ne ko girman faifai. Na kira shi na ce, "Alhaji, don Allah a sa yaro ya fito da su bakin shago inda ke da inuwa, a warware kowace kamar yadi biyu, a ɗora farar takarda da tef ɗin tela a kai, a ɗauka daga nisa ɗaya." Farar takardar ita ce shaidata. Idan ta fito fara a hoto, to launin atamfar ya kusa da gaskiya. Idan ta fito ruwan ƙwai ko ta yi shuɗi-shuɗi, na san haske ya yi ƙarya, kuma na san ɓangaren da ya karkata. Tef ɗin kuwa shi ke faɗa mini girman fure da inci. Nakan kuma roƙi a turo hoton a matsayin Document, domin idan aka tura shi kai tsaye WhatsApp yana matse shi, ƙananan layuka su cuɗe. Sannan a ɗauki bakin atamfar inda ake buga sunan kamfani, da takardar da aka manna a jikin turmin, saboda lambar zane.

Da sababbin hotunan suka iso, sai na ce kowa ta ajiye wayarta, mu duba a tawa kaɗai. Waya biyu ba sa nuna launi iri ɗaya, wata ma an kunna mata hasken kare ido wanda ke sa komai ya yi ruwan ɗorawa. Gardamar "wannan ruwan hanta ne" da "a'a, ja ne" sau da yawa gardamar waya ce, ba ta atamfa ba.

Ta farko ita ce ta fi ɗaukar ido, kore shar da manyan tsuntsaye masu buɗaɗɗen fiffike. Tef ya nuna kowane tsuntsu ya haura inci goma sha biyar. A jikin babbar mace mai ɗaura zane zai fito da kyau, domin faɗin atamfa, wanda bai wuce inci arba'in da shida zuwa da takwas ba, shi ne yake zama tsawon zane, tsuntsun ya tsaya daidai yadda aka buga shi. Amma 'yan mata doguwar riga suke so, kuma doguwar mace faɗin atamfa ba ya kai mata idon sawu, dole tela ya yanka ta tsawon yadi. Da ya yi haka tsuntsayen sun kwanta a gefe ke nan. In kuma ya dage sai sun tsaya, sai ya yi haɗi, ya zubar da ƙyalle mai yawa wajen daidaita kai da fiffike, turmi ɗaya ya kasa. Yara kuwa, rigarsu gaba ɗaya ba ta kai tsuntsu guda ba, wata za ta samu wutsiya a ƙirji, wata baki a kafaɗa. Ban gama bayani ba ma kakar amarya ta yanke magana, ta ce ita ba ta sallah da tufa mai hoton abu mai rai. Wannan hujja ce babba a wajenmu, domin mace a karkara ba don yini ɗaya take sayen anko ba. Shi za ta sa zuwa suna da asibiti da gaisuwa har ya tsufa.

Ta biyu ba mu daɗe a kanta ba. Ƙasanta ruwan madara ne da ganye ruwan zuma, kyakkyawa ƙwarai, amma bikinmu a tsakar gida ake yi, kan tabarma, ga ƙurar hunturu, ga man ja, ga yara masu goge hannu a zanen uwa. Kafin la'asar kowa ya yi dauɗa. Ga shi kuma amarya farin leshi za ta sa ranar yini, kuma bai kamata ta ɓace a cikin baƙinta ba.

Ta uku ce ta fi koya wa 'yan matan wani abu. A kusa ba ta da makusa, ƙananan ɗigo ne ja da kore a jere, tsaf da su. Sai na jingina wayar a jikin bango, na ce su ja da baya zuwa bakin ƙofa su sake kallo. Daga can ba ja ba kore, sai wani launi mai duhu kamar ruwan ƙasa. Haka ido yake yi da ƙananan launuka masu ƙarfi ɗaya in sun yi kusa da juna, yana gauraya su. Anko kuwa daga nesa ake ganinsa, mata arba'in a jere wajen kai amarya, ko a hoton da mai ɗauka ya ja baya don kowa ya shiga. Shi ya sa nake neman atamfar da ke da launi guda mai rinjaye wanda za a iya kiran sunansa daga ƙarshen layi, da na biyu mai haske da ke raba zanen, na uku kuwa ɗan kaɗan ya isa. Wannan gwajin na ja da baya ba na tsallake shi ko da wa nake ciniki.

Saura biyu, kuma zanensu ɗaya ne, launi ne ya bambanta. Kamfani yakan buga zane guda a kala da yawa. Zanen da'irori ne masu shiga juna, kowace kamar inci biyar, ba shi da sama ba shi da ƙasa, duk ta inda tela ya juya shi daidai ne, yara ma za su samu cikakken fure. Ta huɗu shuɗi mai duhu ce da ruwan goro da ɗan fari. Ta biyar a hoto ta fito shuɗi-shuɗi da ruwan hoda, amma na yi shakka, domin kyamarar waya tana yawan mai da ruwan malmo shuɗi. Na tambayi Alhaji, ya ce ai ruwan malmo ce sosai. Amarya ta biyar take so, kuma ban ga laifinta ba, ta fi sabunta a ido.

Abu biyu ne suka raba gardamar. Na farko mayafi. Macen da ta sayi anko sai ta nemi abin yafawa, kuma ba kowa ke da halin sayen sabo ba. Shuɗi da ruwan goro suna tafiya da farin hijabi da baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa, waɗanda kusan kowace mace tana da ɗaya a ɗaki. Ruwan malmo da hoda kuwa suna neman mayafin kansu, wato kashe kuɗi na biyu a kan matan da wasu sai sun sayar da kaza ko sun ɗauki adashi kafin su biya na farko. Na biyu shi ne yawan kaya. Na ce, "Alhaji, turmi nawa ne a ƙasa yanzu, mai lamba ɗaya, daga dila ɗaya?" Ya ƙirga, ta biyar turmi ashirin da takwas, sauran sai ya nemo a wajen maƙwabta. Ta huɗu kuwa akwai fiye da hamsin. Cikon da ake nemowa a wani shago shi ne yake ɓata anko, domin zane mai kasuwa kamfani fiye da ɗaya ke kwaikwayonsa, kuma ko a kamfani ɗaya bugun yau da na wata uku baya rininsu yakan ɗan saɓa. A shago ba a lura, sai mata sun jeru a rana a ga wasu sun fi wasu duhu, daga nan a fara cewa mai anko ta yi wa wasu mai araha.

Na ce wa uwar amarya, "Hajiya, ni dai ta huɗu nake ba ku shawara, amma kada a karɓi kuɗin kowa sai mun taɓa ta da hannu." Hoto ba ya nuna kauri, ba ya nuna ko auduga ce ko roba, ba ya nuna ko tana zuba. Aka ba direban motar garinmu turmi guda ya taho da shi da yamma. Na yanki ɗan ƙyalle a bakinta, na jiƙa shi da ruwa da sabulu, na murza a jikin farin tsumma. Ruwan farko ya ɗan yi shuɗi kaɗan, na biyu ya fito fes, ruwan goron kuma bai haura cikin farin ba. Na zare zare biyu na kusanta su da ashana, suka ci da wuri, suka bar toka mai laushi da warin takarda, alamar auduga. Da roba ce da ta narke ta dunƙule ta yi tauri, kuma da mata sun sha zafi da ita in bazara ta zo. Bayan an wanke sitacin ma ba ta koma shara-shara ba.

Amarya ba ta rasa abin da take so ba. Na ba da shawara a ɗauko turmi takwas na ruwan malmon don ƙawayenta na kusa su sa ranar kamu, tunda zanen ɗaya ne, za su fita daban ba tare da sun saɓa da sauran jama'a ba. Washegari na tura wa Alhaji hoton takardar turmin da ke hannuna da lambarta, na rubuta masa arba'in da huɗu cikon wannan, takwas na ɗayar, na kuma ce kafin a ɗaure kayan a jera su duka a bakin shago a ɗauko mini hoto guda da farar takarda a kai.