Ranar da shafi na 80 ya saɓa wa taƙaitawata

Shekara uku ke nan ina koyar da tarihi ga ɗaliban aji ɗaya a wata kwalejin ilimi, kuma kowane zango akwai babi guda da nake sanin zai ba su wahala. Babi ne a kan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daga zaman Ɗegel har rasuwar Shehu a 1817, cikin wani littafin Turanci da kwafinsa biyu ne kacal a ɗakin karatunmu. Shafi 42 ne, daga 61 zuwa 102. Na ɗauki hotonsa da waya, na mayar da shi PDF, na tura musu a WhatsApp. Da na ga yawancinsu ba sa wuce shafi goma a ƙaramin allon waya, sai na yanke shawarar taƙaita musu shi da Hausa, sashe bayan sashe, in riƙa sa lambar shafi don duk mai son gani da idonsa ya koma asali.

Na yi aikin a dare biyu, na raba. Bayan mako guda wata ɗaliba ta same ni a ofis riƙe da littafin na takarda da ta aro.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce, "a taƙaitawarka ka rubuta cewa jihadin tawayen Fulani ne a kan sarakunan Haɓe, ka sa shafi na 80. Na buɗe 80 ɗin, ni kuma kamar akasin haka marubucin yake faɗa."

Na ce, "Kawo mu gani, Malama." Muka buɗe tare. Gaskiyarta ne. Kuma da na zauna na bi sawun abin a daren nan, sai na tarar kuskure biyu na yi a layi ɗaya, ɗayan ya tona asirin ɗayan.

Na farko na lissafi ne. Fayil ɗin PDF yana da nasa ƙirgen, wanda ke farawa daga 1, littafin kuma yana da lambar da aka buga a ƙasan kowane shafi. Ni na sa bango da shafin da ke ɗauke da bayanin bugu a gaba, don haka shafi na 61 na littafi ya zama na 3 a fayil. Tazarar 58 ke nan. Lokacin da nake taƙaitawa, hotunan wasu shafuka sun yanke ƙasan takarda, lambar ba ta fito ba, sai na ɗauki hanya mai sauƙi: in dubi lambar da manhajar ke nunawa a sama, in ƙara 58. Hakan ya yi daidai har shafi na 74. Abin da ban lura ba shi ne tsakanin 74 da 75 akwai taswirar ƙasar Gobir da aka saka a takarda ta daban, ba ta cikin ƙirgen littafin. Ta cinye gurbi ɗaya a fayil, tazarar ta sauko 57. Maganar tawayen tana shafi na 22 a fayil, wato 79 a littafi, ni kuwa na rubuta 80. Duk lambar da na sa daga nan har ƙarshen babi ta zarce da ɗaya. Na ƙirga su, 31 ne.

Irin wannan kuskuren yana da wuyar kamawa domin ba ya kai mai dubawa nesa. Idan aka tura shi shafin da ba shi da alaƙa da batun, nan take zai gane an yi kuskure. Amma shafi ɗaya gaba, har yanzu ana maganar abu guda ne, sunayen suna nan, sai ɗalibi ya ɗauka shi ne bai iya Turanci ba, ya rufe ya yarda da malam. Yanzu ba na ƙara ko rage komai. Lambar da idona ya gani an buga a shafin ita nake rubutawa, inda hoton ya yanke ta kuma in koma ɗakin karatu in sake ɗauka. A saman taƙaitawar nakan sa layi biyu: wane bugu ne na littafin da shekararsa, domin bugu na biyu yakan sauya jerin shafuka, sannan bayanin cewa shafi 61 zuwa 74 a cire 58 a samu lambar fayil, 75 zuwa 102 a cire 57. Mai karatu a waya yana buƙatar wannan, mai littafi a hannu ba ya buƙata.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin ko da na rubuta 79 daidai, da na yi wa marubucin ƙarya. A shafi na 79 yana kawo ra'ayin wasu marubutan zamanin mulkin mallaka ne, masu ganin jihadin rikicin ƙabila ne da aka yi wa rigar addini. Ya ba ra'ayin sakin layi biyu cikakku, ya faɗe shi da ƙarfinsa kamar yadda mai adalci ke yi. Daga tsakiyar shafi na 80 zuwa 81 sai ya shiga rushe shi. Ya ambaci Abdussalami na Gimbana, wanda ba Bafulatani ba ne kuma yana cikin manyan almajiran Shehu, ya ambaci Yakubun Bauchi da ya karɓi tuta alhali shi ma ba Bafulatani ba ne, ya nuna akwai Fulanin da suka tsaya a ɓangaren Sarkin Gobir Yunfa. Ni da na zo taƙaitawa cikin gajiya, na ɗauki sakin layin farko na mayar da shi jimla tsirara, ba "wasu sun ce", ba "ya ruwaito". Maganar da marubucin ya kawo don ya ƙaryata ta koma tamkar matsayinsa, ga lambar shafi a gefenta tana ƙara mata kwarjini.

Tun daga ranar nake ɗaukar kalmomi irin su "ya ruwaito" da "wasu sun ce" a matsayin rabin aikin taƙaitawa. Kowane layi sai ya nuna bakin wa maganar ta fito. Ga yadda wurin ya koma bayan gyara:

Marubucin ya kawo ra'ayin wasu marubutan zamanin Turawa cewa jihadin rikicin Fulani da Haɓe ne (sh. 79). Bai yarda da shi ba: ya kafa hujja da Abdussalami da Yakubun Bauchi (sh. 80), da kuma Fulanin da suka mara wa Yunfa baya (sh. 80–81). Matsayinsa shi ne ƙabila ta yi tasiri amma ba ita ce tushe ba (sh. 81).

Layi uku maimakon ɗaya, lambobi huɗu maimakon ɗaya. A da, a wasu wuraren, nakan tara shafukan a ƙarshen sashe, in rubuta "sh. 75–84" in wuce. Wannan ba ya amfanar kowa, don tura ɗalibi ya laluba shafi goma daidai yake da ce masa ya je ya karanta babin. Lambar tana bin da'awar da ta shafa, kafaɗa da kafaɗa. Idan jimla ta fara a ƙasan shafi ta ƙare a saman na gaba, duka biyun nake sawa. Idan hujjar tana cikin ƙaramin bayanin ƙasan shafi, sai in faɗi lambarsa, misali sh. 86, bayani na 14, domin ido ba ya sauka can sai an nuna masa.

Da na sake aikin daga farko, na sauya tsari gaba ɗaya. Na karanta babin duka ba tare da biro a hannu ba, wanda a karon farko ban yi ba, kuma da na yi da na san inda marubucin ya dosa tun kafin in isa shafi na 79. Sannan na fitar da kanun sassansa guda bakwai da iyakar kowanne. Ban ba su tsawo ɗaya ba. Sashen yaƙe-yaƙe shafi tara ne, amma jerin aukuwa ne: hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Tabkin Kwatto a Yunin shekarar, faɗuwar Alƙalawa a 1808. Layi shida ya ishe shi. Sashen dalilan jihadi shafi bakwai ne, ya ci kusan rabin shafi a taƙaitawar, domin can ne ake muhawara, can ne kuma ake saurin ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba. Shekaru da adadi ba na rubuta su da ka. Inda marubucin ya ba da shekarar Hijira, kamar 1218, haka nake kwafe ta tare da ta Miladiyya da shi ya bayar, ba da nawa lissafin ba.

Akwai kuma jarabar da kowane malami ya sani. Kana taƙaitawa sai abin da ka karanta a wani wuri ya faɗo maka, ka ga zai taimaki yara, ka cusa. A taƙaitawar farko na sa bayanin yadda Shehu ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello a 1812, fiye da yadda babin ya yi, ya shige tsakanin layuka masu lambar shafi kamar daga littafin yake. Bayanin daidai ne, amma wanda ya je nema ba zai same shi ba, kuma daga nan zai fara shakkar sauran. Yanzu duk abin da nawa ne nakan fara shi da "Ƙarin malami:" a layinsa daban, ba lambar shafi.

Taƙaitawa sashe bayan sashe tana da wani rauni da lambar shafi ba ta magance shi. Marubuci yakan dasa magana a sashe na biyu ya girbe ta a na shida, kamar batun haraji da jangali da ya taɓo a shafi na 68 sannan ya koma kansa a 95 yana tambayar ko sabuwar daular ta kawar da abin da ta soka. Idan kowane sashe ya zauna a ɗakinsa, wannan zaren ya tsinke. Abin da na iya yi shi ne in ƙara "duba kuma sh. 95" a wurin farko, da "ci gaban maganar sh. 68" a na biyu.

Kafin in tura gyararren, na sake kiran ɗalibar tare da wani abokin karatunta mai amfani da waya kawai. Hoto ne fayil ɗin, Ctrl+F ba ya samun komai a cikinsa, don haka lambar kaɗai ce jagora. Na zaɓi layuka takwas ba bisa tsari ba, huɗu kafin taswirar huɗu bayanta, na ce kowa ya nemo jimlar cikin minti ɗaya, ita a littafi shi a waya, kuma ya faɗa mini wa ke magana a wurin. Bakwai sun fito daidai. A na takwas na rubuta 91, jimlar kuwa ta ƙetara zuwa 92. Ta nuna mini da yatsa, na gyara a gabansu, sannan na tura wa ajin tare da saƙon cewa su goge na farko, da jerin wuraren da suka sauya.